Yadda ake watsa tafsiri ko lacca kai tsaye a Damagaram idan rezo ba shi da ƙarfi

Yawancin layif ɗin da ke tsinkewa a garin nan ba rashin rezo gaba ɗaya ke kashe su ba. Rezon yana nan, lodin da aka ɗora masa ne ya fi ƙarfinsa. Mai watsawa ya gwada layinsa da hantsi, ya ga lamba mai kyau, ya saita na'urarsa a kanta, dare na yi kuma layin ya koma kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya gani. Daga nan sai hoto ya daskare, muryar malam ta riƙa fita guntu-guntu, Damagarawan da ke Agadas, Kano ko Libiya su yi ta rubuto cewa ba sa ji.

Zan bi aikin ne da misali guda. Mu ɗauka tafsirin azumi ne a wani masallaci cikin Birni, bayan sallar asham, daga ƙarfe 9 zuwa 11 na dare. Akwai malam da mai jan baƙi, kowa da makirfonsa, akwai miksa da amfilifaya na masallaci. Kai kuma kana da kwamfuta laftof mai manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce, da kyamara ɗaya, da layin 4G. Idan lacca ce a zauren jami'a ko taron wata ƙungiya a Sabon Gari, hanyar ba ta canzawa. Sunayen maɓallan zan ba da su yadda suke a Turanci. Wanda OBS ɗinsa ke Faransanci zai iya sauya harshen a sashen farko na saiti, ya bi ni, in ya gama ya mayar.

Da farko: auna turawa, a wurin, a kan lokacin

Layin intanet hanya biyu gare shi, ta saukewa da ta turawa. Mai kallon bidiyo saukewa yake yi. Kai mai watsawa turawa kake yi, kuma a layin salula ita ce ƙaramar. Don haka ganin bidiyo yana buɗewa sumul a salularka ba ya gaya maka komai game da aikin da za ka yi. Buɗe speedtest.net a kwamfutar, ta layin da za ka yi aiki da shi, ka duba lambar `Upload` kaɗai. A ƙasan maɓallin farawa akwai zaɓin `Multi` da `Single`. Ka zaɓi `Single`, domin OBS ta igiya ɗaya yake tura komai, kuma gwajin da ya buɗe igiyoyi da yawa a lokaci guda yakan nuna maka fiye da abin da za ka samu.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lokacin gwajin. Eriyar kamfanin sadarwa ta unguwa ɗaya ce, duk wanda ke ƙarƙashinta da ita yake rabo. Bayan an sha ruwa an yi asham, kowa ya ɗauki salularsa, ga kuma ɗaruruwan mutanen da suka taru a masallacin, salularsu na aljihu tana ta karɓar saƙonni. Saboda haka ka je kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, da ƙarfe 9 na dare, ka zauna daidai inda teburinka zai zauna. Ka yi gwajin a farkon lokacin, da tsakiyarsa, da ƙarshensa. Idan kana da layuka biyu, a ce na Airtel da na Moov, ko na Zamani da na Niger Telecom, ka gwada kowanne. Babu wanda ya fi sauran a ko'ina: wanda ya yi kyau a Zango yana iya gazawa a cikin Birni, har ma tsakanin gabas da yammacin gini guda ana samun bambanci.

Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna cin rezo. Ɗan akwatin wayfay da aka rataya a taga, sama da kawunan jama'a, yakan ba da fiye da wanda aka ajiye a kan tabarma kusa da ƙafar mai aiki. Ka yi ta matsar da shi kana gwadawa har ka sami gurbinsa, sannan ka haɗa shi da kwamfutar ta kebul idan da hali, domin wayfay ma yana cunkushewa a cikin taro.

A misalinmu, a ce da hantsi layin ya ba da 8 Mbps, da daren kuma ya ba da 2.4, sai 1.9, sai 1.6. Ka manta da 8. Ka manta da 2.4 ma. Lambarka ita ce 1.6, wato 1600 kbps.

Raba lambar biyu

Bitiret shi ne yawan data da na'urarka ke cusa wa layi a kowace daƙiƙa, hoto da murya a haɗe. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada ya wuce rabin mafi ƙarancin abin da na auna. Wanda ke da layin faiba zai iya ɗaukar kashi 70 ko 80 cikin ɗari ya kwana lafiya, amma layin salula ba tsayayye ba ne. Gwajin sauri na ƴan daƙiƙu ne, tafsiri kuwa awa biyu ne, kuma a cikin awa biyun nan dole a sami lokutan da layin zai nutse ƙasa da duk abin da ka gani. Rabin da ka bari shi ne zai ɗauke ka a waɗannan lokutan. Kamar lodin amalanke ne: ba a auna shi da shimfiɗaɗɗiyar kwalta, da gangaren yashin da ke kan hanya ake auna shi.

Rabin 1600 shi ne 800. A cikin 800 ɗin nan murya ce ke fara ɗibar rabonta. Magana ba kiɗa ba ce, 64 kbps ya ishe ta ta fita tangaram idan aka mai da ita tasha ɗaya, wato `Mono`, a `Settings > Audio > Channels`. Ragowar, kusan 700, na hoto ne. Jimla 764.

Yanzu sai girman hoton da zai dace da 700. A nan ne mutane ke yaudarar kansu, don kowa yana son a ce layif ɗinsa 720p ne. Hoton 1280x720 ɗigo 921,600 ne, na 854x480 kuwa ɗigo 409,920, bai kai rabi ba. Idan ka raba 700 ɗin nan ga hoton da ya ninka girma, kowane ɗigo zai sami ƙasa da rabin abin da zai samu a ƙaramin. Sakamakon shi ne da malam ya ɗaga hannu ko ya juya, fuskarsa ta watse ta zama dabbare-dabbare. Ƙaramin hoto mai tsabta ya fi babba mai dagulewa, balle kusan duk masu kallonka a fuskar salula suke kallo, su ma da megar da suke tattali.

Ga yadda nake daidaita su, gwargwadon mafi ƙarancin turawar da aka auna:

```
Upload     Video   Audio   Resolution
1.0 Mbps    400     64     640x360
1.6 Mbps    700     64     854x480
3.0 Mbps   1400     96     1280x720
```

Idan abin da ka auna bai kai 0.6 Mbps ba, ka haƙura da hoto mai motsi. Ka ɗora hoton malam da sunan surar da ake ciki, ka ba hoton 150, muryar 64, a saurara kamar rediyo. Tafsiri ne, abin da aka zo nema yana cikin muryar.

Yawan hotuna a daƙiƙa ka sa 25. Wutar ƙasarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma kyamarar da ke ɗaukar 30 a ƙarƙashin wasu fitilun takan nuna wasu layuka masu yawo ko walƙiya a hoton. 25 tana tafiya daidai da wutar, ga shi kuma ta rage lodi. 60 kam ba ta da wurin zama a nan.

Sauran saitin, a `Settings > Output` bayan ka mai da `Output Mode` zuwa `Advanced`, a shafin `Streaming`:

```
Video Encoder:     x264
Rescale Output:    854x480
Rate Control:      CBR
Bitrate:           700 Kbps
Keyframe Interval: 2 s
CPU Usage Preset:  veryfast
```

`CBR` yana sa lodin ya tsaya a lamba ɗaya, kada ya yi tsalle daidai lokacin da jama'a suka motsa. Daƙiƙa 2 ɗin kuwa ita YouTube da Facebook duka suke so. Idan ka fara watsawa YouTube zai iya nuna maka gargaɗi cewa bitiret ɗinka bai kai wanda ya ba da shawara ba. Ka ƙyale shi. Shawarar tasa ba ta san da eriyar unguwarku ba.

Akwai abin da ke ƙara wa 700 ɗin nan albarka ba tare da ka taɓa lamba ba. Inkoda, wato abin da ke matse hoton kafin a tura shi, ba ya sake tura abin da bai canza ba tsakanin hoto da hoto, abin da ya motsa kawai yake kashe wa data. Fankar da ke juyawa bayan malam, labulen da iska ke kaɗawa, yaran da ke giftawa, duk suna cin rabon fuskarsa. Duhu ma haka: idan haske ya yi ƙaranci kyamara takan cika hoton da wasu ƙananan ɗige-ɗige masu rawa, inkoda kuma yana ɗaukarsu motsi ne. Don haka ka kafe kyamarar a kan mai ƙafa uku, ka matso da hoton daga ƙirjin malam zuwa rawaninsa, da bango a bayansa, ka sa fitila guda mai caji tana haska fuskarsa daga gefe. Ka daina yawo da kyamara kana nuna jama'a. Fitilar nan ta fi ƙarin 300 kbps amfani.

Mega nawa za ka saya

Lissafin mai sauƙi ne: jimlar bitiret sau 0.45 shi ne megar awa ɗaya. Namu 764 sau 0.45 ya ba da wajen mega 344. Ka ƙara kashi goma cikin ɗari na abin da hanyar turawa ke ci da kanta, ya zama kusan 380. Awa biyu, 760. Amma malam yana iya zarcewa, ga gwajin da za ka yi, ga shafin da za ka buɗe don saita layif ɗin, saboda haka jiga ɗaya da rabi shi ne kwanciyar hankali. Ka duba kuma ranar da lokacin da megar za ta mutu, da ko irin wadda ke aiki a wasu sa'o'i ko wasu manhajoji kaɗai ce.

Kafin ka fara, ka toshe ɓarayin cikin gida. A Windows ka mai da haɗin `Metered connection`, don ya dakatar da yawancin sabuntawar da yake saukewa. Ka rufe OneDrive da Google Drive da duk abin da ke kwashe fayil yana turawa sama a ɓoye, domin hanyar turawarka suke bi. Lambar sirrin wayfay ɗin kuma kada ka ba kowa, ko da ladan ne. Mutum ɗaya da ya tura bidiyo a WhatsApp ta layinka ya isa ya cinye rabin da ka ajiye.

Idan salula ce ke ba kwamfutar intanet, ka haɗa su da kebul ta `USB tethering`, kuma ya kasance layin da ba wanda ya san lambarsa. A layuka da yawa, kira na shigowa salular take sauka daga 4G zuwa ƙasa don ta amsa, data ta tsaya ko ta ragu ƙwarai. Ba ka ma ɗauka ba, ƙarar kaɗai ta isa ta yanke watsawar.

Murya

Kada ka dogara da makirfon kyamara ko na kwamfuta. Abin da zai ɗauko shi ne amsa-kuwwar lasifika da tarin jama'a. Ka nemi mai kula da na'urorin masallacin da ladabi tun da rana, ba ana tayar da sallah ba, ya ba ka mafita daga miksa, wadda aka rubuta wa `REC OUT`, `LINE OUT` ko `AUX`, ka kai ta ɗan katin sauti na USB. Mafitar da ke zuwa lasifika daga amfilifaya kuwa kada ka kusance ta, ƙarfin da ke cikinta yana iya ƙona katin.

Sa wani ya zauna a mazaunin malam ya yi magana, wani kuma ya ja baƙi da ƙarfi, kana kallon ma'aunin sauti na OBS. Ana so ya riƙa wasa a cikin rawaya, tsakanin -20 da -9, kada ya zauna a ja. Ka saita da muryar mai jan baƙi, don ita ce ke hawa sama. Idan ka ji wani gurnani mara yankewa a ƙarƙashin muryar, zare cajar kwamfutar ka saurara. In ya ɗauke, daga wuta yake shigowa. Maganinsa ɗan abin nan da ake kira `ground loop isolator`, wanda ake sa wa a tsakiyar kebul ɗin sauti, ko kuma kwamfutar da miksa su ci wuta daga soket guda.

Ajiya: wanda ba ya jiran rezo

Mutane da yawa suna ɗauka cewa abin da ya hau Facebook ko YouTube shi ne ajiyarsu. Abin da ya hau ɗin shi ne abin da layi ya iya kaiwa, da duk giɓin da ke ciki. Mintuna bakwai da suka faɗi lokacin da rezo ya nutse ba sa can, ba kuma za su dawo ba. Ban da haka, tun watan Fabrairun 2025 Facebook yake goge bidiyon layif bayan kwana 30. Tafsirin daren farko na azumi ke nan ba zai daɗe bayan sallah ba.

Ajiya ta farko a cikin OBS ɗin kansa take. A shafin `Recording` akwai tarko guda: idan ka bar inkodan a kan `(Use stream encoder)`, abin da za a ajiye maka shi ne ƙaramin hoton nan na 700. Ya fi babu, don ba shi da giɓi, amma tunda faifan kwamfuta ba ruwansa da rezo, me zai hana ka ajiye mai kyau? Ka bar `Output (Scaled) Resolution` a `Settings > Video` a kan 1280x720, watsawa kaɗai ake ragewa zuwa 480 kamar yadda muka saita a sama. Ajiyar ka ba ta nata inkodan da 4000 kbps. Wannan jiga 1.8 ne a awa, 3.6 a dare guda, kusan jiga 108 a dare talatin, don haka ka tanadi faifan waje tun kafin a ga wata. Inkoda biyu a lokaci guda aiki ne ga tsohuwar kwamfuta. Idan mai Intel ce kuma ka ga `QuickSync H.264` a jerin, ka ba shi ajiyar, x264 ya ji da watsawa.

Nau'in fayil ɗin ka zaɓi `MKV`. Dalilin shi ne MP4 na gargajiya sai a ƙarshen ɗauka yake rubuta jadawalin da ake buɗe shi da shi. Idan batir ya mutu ko kwamfutar ta sandare a minti na 110, fayil ɗin yana nan da nauyinsa amma ba ya buɗuwa. MKV kuwa yana buɗuwa har zuwa inda aka tsaya. In an gama lafiya, `File > Remux Recordings` zai mai da shi MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da ya rage kyau ba. Idan kai tsaye a kan filas ko faifan waje kake ajiyewa, ka tabbata ba tsarin FAT32 gare shi ba, domin wannan ba ya karɓar fayil guda da ya wuce jiga 4.

Sai akwatuna biyu a `Settings > General` da ya kamata ka yi wa alama tare: `Automatically record when streaming` da `Keep recording when stream stops`. Na farkon yana hana ka mantuwa. Na biyun shi ne wanda ake tsallakewa, kuma in ba shi, duk lokacin da ka tsayar da watsawa don ka gyara wani abu, ajiyar ma ta tsaya tare da ita.

Ajiya ta biyu dole ta kasance ba ta haɗa komai da kwamfutar ba, ba wuta ba, ba kebul ba. Idan kyamararka tana da katin memori, ka danna ɗauka a jikinta ita ma. Idan babu, wata salula a kan nata mai ƙafa uku, an sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ta, an share mata wuri, an haɗa ta da fawabank. Ka sa ta a 720p, ka cire mata riga. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, ɗakin da ya sha rana bai gama hucewa da dare ba, salular da ke caji tana ɗaukar bidiyo mai nauyi kuma takan yi zafi ta rufe kyamara da kanta ba sallama. Ka riƙa leƙa ta lokaci-lokaci ka ga jan ɗigon yana nan.

Ta uku ita ce mafi arha, ni kuma ita na fi yarda da ita: tsohuwar salula a yanayin jirgin sama, an buɗe manhajar ɗaukar murya, an ajiye ta a kan teburin malam tsakaninsa da mai jan baƙi, a kan ɗan ƙyalle don kada ta ɗauki bugun tebur. Ko wuta ta ɗauke miksa ya mutu, ita tana ji. Da ka kunna su duka, sa a ƙwanƙwasa makirfo sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara. Wannan ƙarar ce za ka nema daga baya idan za ka ɗora muryar wata na'ura a kan hoton wata.

Maganar wuta a taƙaice: ɗan lokacin da ke tsakanin ɗaukewarta da tashin janareta ya isa ya kashe akwatin wayfay, kuma kafin ya farfaɗo ya kama rezo an yi minti ɗaya ko biyu. Akwatin ya zauna a kan batirinsa ko fawabank tun farko, kwamfutar kuma a cike.

Gwaji na gaske, da karanta alamun

Gwajin sauri ya ba ka lamba, amma sai an gwada akan san na ƙwarai. A daren da ya gabaci ranar, a kan lokacin, ka watsa na minti 15 ba tare da kowa ya gani ba, `Private` a YouTube ko `Only me` a Facebook. Idan tashar YouTube ɗin sabuwa ce, ka nemi izinin layif tun da wuri, don karon farko yana iya ɗaukar awa 24 kafin ya buɗe. A saitin watsawar ka bar `Normal latency`. Masu kallo za su ji malam a makare da wasu daƙiƙu, amma hoton zai fi zama a hannunsu. Ka kashe `Enable Auto-stop`, in ba haka ba yankewar layi tana iya sa YouTube ya ɗauka an tashi, ya rufe taron, adireshin da ka rarraba ya mutu. Facebook ma yana da irin wannan zaɓi na rufe layif idan turawa ta tsaya, shi ma a kashe.

A OBS ka shiga `Settings > Advanced`. Ka tabbata `Automatically Reconnect` yana kunne, sannan ka yi wa `Dynamically change bitrate to manage congestion` alama. Wannan yana rage bitiret da kansa idan layi ya cunkushe, ya mayar idan ya sake. Hoto zai dushe na ɗan lokaci, murya ta ci gaba. Taimako ne na nutsewar ɗan lokaci, ba lasisin sa 2500 a layin 1600 ba.

Yanzu buɗe `View > Stats` ka zuba masa ido. Layuka uku ne ke gaya maka inda ciwon yake, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. `Dropped Frames (Network)` na layi ne: idan yana hawa, lodin ya fi ƙarfin rezo. `Skipped frames due to encoding lag` na kwamfuta ne, ta gaza matse hoton a kan lokaci, kuma rage bitiret ba zai yi komai ba. A nan sai ka mai da `veryfast` zuwa `superfast`, ko ka sauƙaƙa ajiyar, ka kuma ɗaga kwamfutar daga kan darduma ta sami iska. `Frames missed due to rendering lag` kuwa na ɓangaren zanen hoto ne, yawanci tarin rubutu mai gudu da kwalliyar da aka jibga a fuskar layif ɗin ke jawo shi. Hanya mafi sauri ta rarrabewa ita ce ka buɗe fayil ɗin ajiya: idan shi lafiya lau yake amma na intanet yana tsinkewa, laifin layi ne. Idan shi ma yana tsalle, kwamfutar ce.

A gwajin namu, idan minti 15 suka wuce lambar layi tana sifili ko ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, 700 ta zauna. Idan ta kai kashi 2 ko 3 kuma tana ƙaruwa, ka koma jerin farko na jadawalin, 400 da 640x360, ka sake gwadawa.

Idan ya tsinke ana tsakiyar karatu

Ka sa wani yaro a waje yana kallo da nasa layin, da abin ji a kunne, shi zai gaya maka abin da mutane ke gani. Kai kada ka kalli layif ɗin ta layin da kake watsawa.

Idan ɗan ma'aunin da ke ƙasan OBS ya koma ja na ƴan daƙiƙu ya dawo, kada ka taɓa komai. Idan ya zauna a ja fiye da minti biyu, ka danna `Stop Streaming`, ka mai da 700 zuwa 400, `Apply`, sannan `Start Streaming`. Girman hoton ba zai canzu ba muddin ajiya tana tafiya, don haka zai ɗan dushe, ba laifi. Ka lura da wani abu: sauya fuskar zuwa hoto mara motsi kaɗai ba ya sauƙaƙa wa layi, domin `CBR` yana cike gurbin ya ci gaba da tura 700 ɗinsa. Lambar ce dole ta sauka.

Idan 400 ma ta ƙi, ka koma layi na biyu, wanda ya kamata a ce yana kunne a gefe da megarsa, kwamfutar kuma ta riga ta san shi. OBS zai sake haɗawa da kansa. Idan dukansu sun ƙi, ka rubuta wa masu kallo layi ɗaya cewa cikakken karatun zai hau bayan an tashi, ka bar maɓallin ajiya yadda yake.

Bayan an shafa fatiha, ka tsayar da ajiyar, ka kwafe fayil ɗin zuwa faifai na biyu kafin ka naɗe kebul. Fayil mai jiga 3.6 a layin 1.6 Mbps awa biyar zai ci, don haka ka bar shi sai bayan asuba lokacin da layin ya sake, ko ka rage shi da manhajar HandBrake zuwa 480p. Abin da zai fara isa ga jama'a a daren shi ne muryar, kuma manhajar ffmpeg tana cire ta da umarni ɗaya:

```
ffmpeg -i tafsiri.mkv -vn -ac 1 -ar 22050 -b:a 32k tafsiri.mp3
```

Awa biyu a 32 kbps ba su kai mega 30 ba. Wannan zai wuce ta WhatsApp ko a layin da ya kasa ɗaukar layif ɗin, kuma masu tura karatu a katin memori a kasuwa za su iya ɗaukarsa yadda yake. Ka sa wa fayil ɗin kwanan wata da sunan sura da ayar da aka tsaya, don wanda zai nema a daren ashirin ya same shi ba sai ya buɗe goma sha tara ba.